Wasiƙar Neman Ɗage Zaman Kotu Saboda Rashin Lafiya: Nazari a Kan Kotunan Garwa

Gabatarwa

A wannan nazari za mu dubi wata gajeriyar takarda wadda sau da yawa ba ta cika shafi ɗaya ba, amma tana iya zama sanadin a saurari mutum kafin a yanke masa hukunci, ko a yanke masa yana kwance a gadon asibiti. Wannan takarda ita ce wasiƙar da marar lafiya yake aika wa kotu yana roƙon a ɗage ranar shari'arsa, tare da shaidar likita. Mun taƙaita nazarin a kan Garwa, hedikwatar jihar Arewa ta ƙasar Kamaru, kuma mun fi mai da hankali ga shari'ar laifi, domin a nan ne rashin zuwa yake da sakamako mafi nauyi. Abin da muke son tabbatarwa abu ɗaya ne. Kotu ba ta ɗage zama don kawai mutum ba shi da lafiya, tana ɗagewa ne idan an gamsar da ita cewa ciwon ya hana shi zuwa a wannan rana da aka sa. Aikin wasiƙar shi ne ta ƙulla abin da likita ya gani da ranar da kotu ta tsayar, kuma duk wasiƙar da ta kasa yin wannan ƙulli ta kasa aikinta, ko da ciwon gaskiya ne.

Ma'anar muhimman kalmomi

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu fayyace kalmomin da za mu riƙa amfani da su. Ɗage zama shi ne umarnin alƙali na mai da sauraron shari'a zuwa wata rana ta gaba. Masu zirga-zirga a kotunan Garwa suna kiran wannan da ranbuwa, kalmar da aka aro daga Faransanci, harshen da ake gudanar da aikin kotu da shi a wannan yanki. Sammaci shi ne takardar da ke kiran mutum gaban kotu, mai ɗauke da rana da laifin da ake tuhumarsa, kuma wisiye, wato jami'in da doka ta ba ikon isar da takardun shari'a, shi ne yake kai ta. Ofishin magatakarda shi ne wanda ke riƙe da fayilolin kotu, ma'aikacinsa kuma shi ake kira girefiye. Uzuri karɓaɓɓe kuwa shi ne dalilin rashin zuwa wanda kotu ta auna ta yarda da shi. Uzuri ba ya zama karɓaɓɓe da faɗin mai shi ko da sa hannun likita, sai alƙali ya karɓe shi.

Akwai kuma kalmomi biyu da suka shafi hukunci. Hukuncin gaba-da-gaba shi ne wanda doka take ɗauka an yanke shi bayan an ba kowane ɓangare damar magana. Hukuncin bayan ido shi ne wanda aka yanke wa mutumin da bai zo ba kuma doka ta yarda cewa kiran bai isa gare shi yadda ya kamata ba. Wanda aka yi wa hukuncin bayan ido yana da damar yin hamayya, wato ya nemi kotun da ta yanke hukuncin ta sake sauraron shari'ar tun daga farko. Wanda aka yi wa hukuncin gaba-da-gaba ba shi da wannan dama, ɗaukaka ƙara ce kawai ta rage masa.

Kotunan da abin ya shafa da abin da doka ta tanada

Dokar tsarin kotuna mai lamba 2006/015 ta 29 ga Disamba 2006 ita ce ta rarraba aiki tsakanin kotunan Kamaru. A Garwa akwai Kotun Matakin Farko, wadda ke sauraron ƙanana da matsakaitan laifuffuka da ƙararrakin kuɗi da ba su wuce sefa miliyan 10 ba. Akwai Babbar Kotun Binuwai, mai sauraron manyan laifuffuka da ƙararrakin da suka haura wannan adadi. A samansu akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Arewa, ita ma a Garwa take zama. Ban da waɗannan akwai kotunan gargajiya masu duba aure da gado da makamantansu bisa al'ada. Sanin wannan rabo yana da amfani ga mai rubuta wasiƙa, domin wasiƙar da aka yi wa adireshin kotun da ba ita ke riƙe da fayil ba, ba za ta isa gaban alƙalin da ke da ikon ɗagewa ba.

Shari'ar laifi tana tafiya ne bisa kundin da aka kafa da doka mai lamba 2005/007 ta 27 ga Yuli 2005, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2007. Asali a cikin wannan kundi shi ne wanda ake tuhuma ya bayyana da kansa. Sashe na 349 ya ce idan an damƙa wa mutum sammaci hannu da hannu, bai zo ba, kuma bai kawo uzurin da kotu ta yarda da shi ba, to lauyansa ba zai sami damar magana ba sai don ya bayyana dalilin rashin zuwan, kuma hukuncin da za a yanke na gaba-da-gaba ne. Ma'anar wannan ita ce mutumin ya yi asara biyu a lokaci ɗaya: ba a ji kariyarsa ba, kuma ƙofar hamayya ta rufe masa. Abin da ya rage masa shi ne ɗaukaka ƙara, wa'adinta kuma kwana 10 ne kacal. Marar lafiyar da ya yi mako biyu a asibiti yana iya fitowa ya tarar wa'adin ya wuce.

Kundin ya buɗe wasu hanyoyi biyu ban da ɗagewa. Ta farko tana cikin sashe na 350: wanda ake tuhuma da laifin da hukuncinsa tara ce, ko ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, yana iya rubuta wasiƙa ya nemi a yi shari'ar ba ya nan, a saurari lauyansa idan yana da shi. Ta biyu ita ce idan halin lafiyar mutum ya hana shi zuwa kuma akwai babban dalilin da ya sa ba za a jinkirta ba, kotu tana iya tashi ta je inda yake. Haka kuma kundin ya hana ɗage shari'a ba tare da sa rana ba. Daga nan muke fahimtar cewa wasiƙar da ta ce a ɗage har sai mai ita ya warke tana roƙon abin da alƙali ba shi da ikon bayarwa. Tsarin sa wa mai shari'a wa'adi ba baƙo ba ne ga mai karatun da ya san fiƙihun Malikiyya, domin a cikin Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim an bar tsawon ajalin da ake ba mai shari'a ga ijtihadin alƙali.

Ire-iren takardun asibiti

Takardun da mutane suke riƙowa daga asibiti iri uku ne, kuma ba darajarsu ɗaya ba a gaban kotu. Na farko shi ne karne, wato ɗan littafin da ake rubuta awo da magani a ciki duk lokacin da aka ga likita, tare da takardar sayen magani da rasit. Waɗannan suna nuna cewa mutum ya je asibiti a rana kaza, amma ba sa cewa ya kasa zuwa kotu. Mai ciwon suga yana da karne cike da rubutu, kuma yana zuwa kasuwa kullum. Saboda haka karne abin ƙarfafa hujja ne, ba ya tsayawa shi kaɗai.

Na biyu shi ne shaidar likita a kan rauni, wadda ake ba wanda aka daka ko aka buge da abin hawa, mai ɗauke da adadin kwanakin da raunin zai hana shi aiki. Amfaninta shi ne auna girman laifin wanda ya yi raunin da kuma diyya. Mutane da dama suna rikita ta da takardar da muke nazari a kai, alhali kasa aiki daban, kasa zuwa kotu daban. Birkilan da ya karye a hannu ba zai iya aiki ba na tsawon makonni, amma yana iya zama a benci ya amsa tambaya.

Na uku shi ne wanda ake buƙata, wato takardar shaidar likita da aka rubuta musamman a kan halin mutum a yanzu. Ingantacciya tana ɗauke da sunan likita da muƙaminsa da asibitin da yake aiki, da cikakken sunan marar lafiya kamar yadda yake a katin shaidarsa, da ranar da likita ya duba shi da idonsa, da bayanin cewa halinsa bai ba shi damar tafiya ko halartar zama ba, da adadin kwanakin da wannan hali zai ɗauka tun daga rana kaza, sannan sa hannu da hatimi. Idan an kwantar da mutum, takardar kwantarwa mai nuna ranar shiga ta fi kowace hujja ƙarfi, domin abu ne da ake iya zuwa a gani. Ba dole ne a ambaci sunan cutar ba. Sirrin marar lafiya amana ce a wuyan likita, kuma sashe na 310 na kundin laifuffuka ya tanadi hukunci ga ma'aikacin da ya tona sirrin aikinsa ba da izini ba. Fayil ɗin kotu yana shiga hannun abokin shari'a, don haka marar lafiya ne ya kamata ya zaɓi iyakar abin da za a faɗa. Abin da alƙali yake nema shi ne sakamakon ciwon a kan zuwan mutum.

Sassan wasiƙar

Wasiƙar tana da sassa biyar. Na farko shi ne kai: sunan mai nema, inda yake zaune, gari da kwanan wata, da wanda aka rubuta wa, wato shugaban kotun da ke riƙe da shari'ar. Na biyu shi ne bayanin shari'ar: sunayen ɓangarori, laifin da ake tuhuma, lambar fayil idan tana kan sammaci, da ranar zama. Wannan sashe shi ne mutane suka fi yi wa sakaci, alhali da shi ne girefiye zai lalubo fayil ɗaya daga cikin tulin da za a kira a rana ɗaya. Na uku shi ne uzurin kansa, a jimla biyu ko uku. Na huɗu shi ne roƙo, a nemi a ɗage zuwa rana ta bayan ƙarewar wa'adin likita, tare da alƙawarin bayyana. Na biyar shi ne jerin takardun da aka haɗa da sa hannu. Ana rubuta ta da Faransanci ko Ingilishi, harsunan hukuma biyu na ƙasar, kuma a Garwa Faransanci ne aka saba. Wanda Hausa ko Fulatanci kawai yake ji, ya sa a karanta masa ma'anar abin da aka rubuta kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

Abu ɗaya ne bai kamata ya shiga wasiƙar ba, shi ne maganar shari'ar kanta. Sau da yawa zafin rai yakan sa mutum ya ƙara da cewa ƙarya ake yi masa, ko kuma ya ce da ma ya yi niyyar biyan kuɗin. Wasiƙar za ta zauna cikin fayil, mai gabatar da ƙara zai karanta, kuma jimla irin ta biyu tana iya komawa amsa laifi.

Misali daki-daki

Mu ƙaddara wani ɗan kasuwar hatsi mazaunin unguwar Hausare a Garwa, wanda abokin cinikinsa ya kai ƙara bisa zargin cin amanar kuɗin masara da aka ba shi ya sayo daga Ngong. Wisiye ya damƙa masa sammaci a hannu, an sa zama ranar Talata 16 ga Satumba a Kotun Matakin Farko. Ranar Juma'a 12 ga wata zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ya kayar da shi, kamar yadda yakan faru a tsakiyar damina, aka kwantar da shi ana yi masa ƙarin ruwa. Abu na farko da za a duba shi ne ko hanyar sashe na 350 a buɗe take gare shi. Ba a buɗe take ba, domin sashe na 318 na kundin laifuffuka ya sa wa cin amana ɗaurin shekara 5 zuwa 10, wanda ya zarce shekara 2 nesa. Kuma tun da a hannu aka ba shi sammaci, rashin zuwansa ba tare da uzuri ba zai jefa shi ƙarƙashin sashe na 349. Neman ɗagewa ne kaɗai mafitar da ke hannunsa.

Ranar Litinin da safe ɗansa ya roƙi likita takarda. Ta farko da aka ba shi ta ce mahaifinsa yana karɓar magani a wannan asibiti, ba ta ƙara komai ba. Wannan ba ta isa ba, domin ba ta ambaci kwantarwa ba, ba ta ambaci wa'adi ba. Ya koma ya bayyana cewa kotu za a kai wa, aka rubuta masa wata mai cewa an kwantar da shi tun 12 ga Satumba, halinsa bai ba shi damar tafiya ba, kuma yana buƙatar kwana 15 daga wannan rana, wato zuwa 26 ga wata. Yanzu ranar zama ta faɗo a tsakiyar wa'adin, kuma wannan shi ne abin da alƙali zai fara dubawa. Ga ma'anar cikin wasiƙar da Hausa:

«Ya mai girma Shugaban Kotu, ina girmama kotu da sanar da ita cewa an kira ni zaman ranar Talata 16 ga Satumba a shari'ar da ke tsakanin mai gabatar da ƙara da wane da ni, bisa tuhumar cin amana. An kwantar da ni a asibiti tun ranar 12 ga wata, kuma likita ya shaida cewa ba zan iya tafiya ba har zuwa 26 ga wata, kamar yadda takardar da na haɗa ta nuna. Ina roƙon kotu ta karɓi uzurina, ta ɗage shari'ar zuwa ranar da ta ga dama bayan wannan wa'adi. Na ɗauki alkawarin bayyana don in kare kaina.»

A wannan Litinin ɗin ɗan ya yi kwafi uku. Ya ajiye na asali tare da takardar likita a ofishin kotu, ya nemi a buga masa hatimin karɓa mai kwanan wata a kan kwafinsa, ya kai ɗaya ofishin mai gabatar da ƙara. Wannan hatimi shi ne hujjar cewa uzurin ya isa kafin zama, kuma idan takardar ta maƙale a wani tebur, da shi za a kafa hujja a gaba. Ranar Talata ya zo tun kafin a fara, ya duba jerin shari'o'in da aka manna, ya zauna kusa. Da aka kira sunan mahaifinsa ya miƙe, ya ce shi ɗansa ne, ya miƙa kwafin mai hatimi. Ba kare mahaifinsa ya zo yi ba, kawo uzuri ya zo yi, kuma da akwai lauya, shi ne zai yi wannan magana. Alƙali zai ji ta bakin mai gabatar da ƙara da mai ƙorafi, sannan ya yanke. Idan ya ɗage, wajibi ne ɗan ya rubuta sabuwar ranar nan take ya tabbatar da ita wurin girefiye, domin a baki ake faɗinta kuma kada a zauna jiran sabon sammaci. Idan ciwo ya zarce 26 ga wata, sai an kawo sabuwar takarda, tsohuwar ta gama aikinta.

Inda ake tuntuɓe da iyakar wasiƙar

Kurakuran da suke kashe wannan roƙo ana gane su da ido. Akwai takardar da wa'adinta ya ƙare kwana ɗaya kafin zama, da wadda aka rubuta bayan zama aka mai da kwanan wata baya, da wadda sunan da ke kanta ya saɓa wa na sammaci, abin da yakan faru ga mutanen da aka fi sani da laƙabi. Akwai wadda ba ta da hatimi, da wadda ta fito daga asibitin wani gari mai nisa alhali an ga mutumin a kasuwa. Wanda ciwo ya kama shi a Yola ko Mubi ya kawo takarda da Ingilishi bai saɓa wa doka ba ta fuskar harshe, amma ya dace ya haɗa da hujjar kwantarwa, tun da kotu ba ta da hanyar tantancewa cikin sauƙi. Takardar ƙarya kuwa laifi ce mai zaman kanta. Sashe na 259 na kundin laifuffuka na 2016 ya tanadi ɗaurin wata 2 zuwa shekara 3 da tara ga likita ko ma'aikacin jinya da ya shaida ciwon da babu shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ɓarnarta ba ta tsaya ga mai ita ba, domin kowace takardar bogi tana ƙara wa alƙalai shakka a kan ta masu gaskiya.

Iyaka ta farko ita ce ra'ayin likita bai ɗaure alƙali ba. Shari'ar Amadou Vamoulke, tsohon shugaban gidan rediyo da talabijin na ƙasa wanda aka tsare a 2016, ta nuna haka: lauyoyinsa sun gabatar da rahotannin likitoci suna neman a sake shi ya nemi magani, kotun musamman ta Yawunde ta ƙi. Iyaka ta biyu ita ce ɗagewa ba kullum take zama alheri ga mai nema ba. Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na Rediyo Faransa, an kama shi a Marwa a Yulin 2015, aka yi ta ɗage shari'arsa a kotun soja, bai sami 'yanci ba sai Disambar 2017. Ga wanda ke tsare, kowace ranbuwa ƙarin kwanaki ce a kurkuku, don haka ya kamata wa'adin da zai nema ya tsaya daidai da buƙatar jikinsa. A ƙararrakin kuɗi da na iyali kuma, uzurin ciwo ya fi rauni, domin lauya yana iya tsayawa a madadin mutum, kuma dokar aikin lauyoyi ta 1990 ta yarda mutum ya tsaya wa matarsa ko mijinta ko iyayensa ko 'ya'yansa. A can alƙali yana iya tambaya me ya hana a turo wakili.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata mun ga cewa ƙarfin wannan wasiƙa yana kan abubuwa uku: takardar likita da ta ambaci kasa zuwa kuma wa'adinta ya rufe ranar zama, isar da ita kafin zama tare da hatimin karɓa, da mutumin da zai miƙe idan aka kira suna. Muna ganin gyara mafi sauƙi yana hannun likitoci da iyalai. Likitan da aka gaya wa cewa kotu za a kai takardar, ya rubuta ranar farawa da adadin kwanaki da ko mutum yana iya tafiya. Iyalin da suka kwantar da marar lafiya kuma su duba ko akwai sammaci a aljihunsa tun ranar farko, domin haƙƙin a saurari mutum kafin a hukunta shi yana iya salwanta a cikin kwana huɗun da ke tsakanin Juma'a da Talata.